Gudun falwaya: ba agogo, ba filin tsere, yaya ake fartlek?

Nazifi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala ina neman shawara. Ina shirin ɗaukar aikin ɗamara ne, waɗanda suka je kafin mu sun ce mana mu shirya wa gudun kilomita 3.2. Wata huɗu ke nan kullum bayan Asuba ina sassarfa, kusan kilomita biyar, amma gudun nawa ya tsaya cak, yadda nake a watan farko haka nake yau. Wani ya ce in riƙa yin fartlek, wai ka yi sauri ka sassauta, ka sake sauri. Na gwada jiya da falwayoyin titin bayan unguwarmu. Na farko na tashi kamar kare ya biyo ni, na biyu ma haka, a na uku na ji ƙirjina kamar an zuba barkono, a na huɗu na dafa gwiwa na tsaya har mai shayi yana tambaya ko lafiya. Ba ni da agogo, wayar kuma ba na fita da ita da duhu, kun san hali. Filin tsere sai na hau mota biyu. Ni ne ban iya ba, ko kuwa abin sai da agogo?

Sadiku Namba Bakwai: Wa alaikumus salam. Ai daidai ka yi ɗan'uwa, haka ake yi. Mu a kulob haka koci yake sa mu, ka zuba da iya ƙarfinka har ka ji amai na taso maka. In ba ka ji haka ba, ba ka yi komai ba. Ka ci gaba kawai, jiki zai saba.

Koci Bala: Sadiku, a filin ƙwallo maganarka tana da wuri, domin ɗan gaba yana buƙatar tashin mita ashirin ko talatin ya riga mai tsaron baya. Shi kuwa Nazifi gudun kusan kwata na awa ne a gabansa. Wanda ya zuba duka ƙarfinsa sau uku ya tsaya, in ka tara abin da ya yi da sauri bai kai minti biyu ba, ya kuma koma gida da ciwon cinya. Wanda ya rage kaɗan zai yi takwas, ya tara minti takwas na gudu mai nauyi. Wannan na biyun shi ne zai ga canji.

Nazifi, agogo ba shi ne matsalarka ba. Bari in tambaye ka tukuna. Falwaya nawa kake wucewa da saurin, nawa kuma kake hutawa? Kuma a hutun, tafiya kake yi ko sassarfa?

Nazifi: Gaskiya Koci ban ƙirga ba. Ina hango taransfoma can gaba sai in ce sai na kai ta. Hutun kuma na so in yi sassarfa, ƙafar ce ta ƙi.

Koci Bala: To ka ga amsar tana cikin maganarka. Ƙafar da ta ƙi sassarfa ita ce agogonka, ta gaya maka ka wuce gona da iri. Ka riƙe wannan da kyau: in ka gama na sauri ba ka iya zarcewa da sassarfa nan take, ko da a hankali ce kamar ta tsohuwa, to saurin ya yi yawa ko nisan ya yi tsawo.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, daƙiƙa ashirin zuwa talatin na farko jiki ba ya faɗin gaskiya. Akwai ɗan guzuri da tsoka take ajiye da shi, tana ƙona shi ba tare da ta jira numfashi ba, shi ya sa kake tashi kana jin kanka kamar iska. Zuciya da huhu kuwa sai a hankali suke tasowa su cim ma ƙafa. Kafin haki ya zo ya ce maka ka yi yawa, ka riga ka ci bashin. Don haka ba a auna sauri da yadda ake ji a falwayar farko. Ana tashi ne da saurin da kake jin har ka ɗan raina shi, ka bar shi ya yi nauyi da kansa a ƙarshe.

Ɗanlami Mai Kanti: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na faɗo tsakiya. Shi wannan fartlek ɗin a ina ake samu, na sha ne ko na shafawa? Ni tumbi ne ya dame ni wallahi.

Sadiku Namba Bakwai: Hahaha Alhaji, a kemis ɗin bakin kasuwa, ka ce a ba ka na falwaya goma.

Baba Iro: Kai Sadiku bar tsokanar mutane. Ɗanlami, ba magani ba ne, salon atisaye ne. Kalmar ta mutanen Suwidin ce, ma'anarta wasa da sauri. Wani kocinsu mai suna Gösta Holmér ne ya fito da shi a shekarun 1930, lokacin 'yan Finland sun addabe su a dogon gudu, zamanin su Paavo Nurmi da waɗanda suka biyo bayansa. Maimakon ya tsare yaransa a fili yana danna agogo, sai ya tura su daji, kan hanyoyi masu laushi cikin itatuwa, su yi sauri inda ƙasa ta ba da dama, su hau tudu da ƙarfi, su sassauta, su sake. Daga wannan gidan ne Gunder Hägg da Arne Andersson suka fito, suka yi ta karɓe wa juna tarihin gudun mil ɗaya tsakanin 1942 da 1945. Hägg ya tsaya a minti 4 da daƙiƙa 1.4, ba wanda ya karya sai Roger Bannister a 1954. Ina faɗin wannan ne don yaron nan ya san abin tun asali ba don masu agogo aka yi shi ba.

Kai kuma Ɗanlami, kada ka fara da wannan. Ka yi wata biyu kana tafiya da sauri da 'yar sassarfa, in kana da hawan jini ka fara ganin likita. Sannan ka rage tuwon dare.

Ɗanlami Mai Kanti: Tuwon daren nan dai kowa shi yake kai wa hari. Na gode Baba.

Koci Bala: Nazifi, ga abin da za ka yi. Yau da yamma ka je titin nan da ƙafa, ba gudu ba, ka ƙirga takunka daga falwaya zuwa falwaya. Takun namiji matsakaici a tafiyar yau da kullum wajen santimita 70 zuwa 75 ne. In ka samu taku sittin, tsakaninsu ya kusa mita 45. Ka auna guda biyar ko shida a jere, domin masu kafa su ba da ma'auni ɗaya suke tafiya ba, inda aka yi kwana ko aka tsallake kwalbati za ka ga wata ta matso wata ta yi nisa. Ka dawo ka faɗa mana.

Nazifi: Na je Koci. Na samu 58, 61, 60, 74, 59, 60. Ta huɗun akwai rami da masu wankin mota a wajen.

Koci Bala: Madalla, titinka mai kyau ne. Ka ɗauki tsakani biyar a matsayin na sauri, zai kama wajen mita 230, kusan minti ɗaya ke nan a gudun da nake so ka yi. Ka lura, tsakani na ce, ba falwaya ba. Wadda ka tashi daga gindinta ba ta cikin lissafi, ta gaba ita ce ɗaya. Yara da yawa suna ƙirga ta farkon, su yi huɗu suna zaton biyar suka yi.

Ka fito daga gida da sassarfa mai sauƙi har gumi ya fara tsattsafo maka a goshi da gadon baya, wannan ba ya kasa minti goma, da hunturu ya fi haka. Sai ka ɗan buɗe ƙafa na tsakani ɗaya, ka sassauta na biyu, sau uku, don jiki ya san abin da ke tafe. Daga nan ka shiga aikin: biyar da sauri, huɗu da sassarfa, sau shida. Shida kawai, ko ka ji kana da sauran ƙarfi. Ka rufe da sassarfa zuwa gida.

Saurin kuma ga ma'auninsa. Ka tambayi kanka, in aka ce in riƙe wannan gudun daga nan har kilomita uku, zan iya? In amsar ita ce "da ƙyar, amma zan iya kusa da haka", kana daidai. In amsar ita ce "haba, ina!", ka rage.

Saboda lissafi yana gudu daga kai in haki ya zo, ka tsinci tsakuwa shida ka riƙe a hannun hagu. Duk wanda ka gama ka yar da ɗaya. In hannu ya zama wayam an tashi.

Anti Rabi: Ni ma bari in sa baki, duk da ni ba gasa nake shiri ba. Muna zagaye ne a cikin makarantar da nake aiki, mu uku mata, da fitilun titi muke amfani. Abin da ya fi mana aiki shi ne baki. In muna sassarfa hira muke yi sosai, har gulmar ofis. In muka shiga na sauri, ana iya cewa "mu je, mu je" ko "saura biyu", amma ba a iya haɗa zance. Ranar da na ga ko "saura biyu" ba ta fita, na san mun zarce. Kuma ba ma sake tashi sai wadda ta fi kowa haki ta iya faɗin magana guda cikakkiya ba ta yanke ba. Mu tamu ita ce "yau me za a dafa a gidanku da rana". In ta fita lafiya lau, sai mu tashi.

Nazifi ƙanena, kai kaɗai kake gudu, amma ba wanda ya hana ka yin magana da kanka. Da duhun Asuba ba mai ganinka.

Nazifi: Anti mai shayin nan dama yana min kallon wani iri, in ya ji ina tambayar kaina abin da za a dafa ai shi ke nan.

Koci Bala: Hajiya ta ba ka ma'auni mai kyau, ka haɗa da nawa. In ka gama tsakani huɗu na hutu maganar ba ta fita ba, ka ƙara tsakani ɗaya ko biyu, ba laifi ba ne. Amma in tun a na biyu ko na uku kake neman ƙari, ba hutun ne ya yi kaɗan ba, saurin ne ya yi yawa.

Akwai kuma na numfashi ga mai son sa. A sassarfa yawanci mutum yana shaƙa cikin taku uku ya fitar cikin uku. A gudun da muke nema yana komawa biyu da biyu. In ka ji ya zama kowane taku da nasa numfashin, fuka-fuka, wannan na mita ɗarin ƙarshen tsere ne, ba na ranar atisaye ba.

Mamman Damagaram: Gaisuwa gare ku duka. Ni ina wajen Damagaram, ƙauye ne, turakun wuta ba su iso mu ba balle in ƙirga. Abin da muke da shi gawo ne cikin gonaki, sai rairayi. Gawon kuma ba a jere yake ba, wani kusa wani nesa. Yaya zan yi?

Baba Iro: Kai ne ma kake da ainihin abin, Mamman. Ka hango gawo ka ce sai can, ka kai, ka sassauta har ka dawo hayyacinka, ka hango wani. Na kusa ka yi shi da zafi, na nesa ka yi shi da lallami. Rashin jeruwar tasu ita ce amfanin, domin jiki yana koyon sauri kala-kala a fita ɗaya.

Koci Bala: Na yarda da Baba, sai dai in ƙara abu biyu. Ido yana ƙarya a fili, itacen da ka ɗauka mita ɗari biyu ne sai ka ga ka yi ta gudu bai matso ba. Maganinsa ƙirgen ƙafa. Ka riƙa ƙirga duk saukar ƙafar dama kaɗai. Yawancin masu gudu ƙafar dama tana sauka sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya, saboda haka in ka ƙirga 85 ka yi kusan minti, ko da gawo ko babu. Ka ce wa kanka yau ba na wuce 85, in itacen bai zo ba ka rabu da shi. Duk ashirin ka lanƙwasa yatsa ɗaya don kada ka rikice.

Na biyu, rairayi mai zurfi yana cin agara da sharaɓa. Sassarfa a cikinsa ba laifi, amma na saurin ka nemi inda ƙasa ta ɗan taurara, hanyar amalanke ko gefen gona inda aka tattake. In ka tashi da safe ka ji bayan diddige ya ɗaure, takun farko daga shimfiɗa yana zafi, ka ajiye sauri har ya sake ka.

Mamman Damagaram: Wannan ɗaurewar ina jin ta tun makon jiya. Na ɗauka sanyi ne.

Koci Bala: Ba sanyi ba ne. Ka huta wa gudu mai sauri mako guda ko biyu ka gani, in ya kumbura ko ya ƙi sauka ka je asibiti.

Sadiku Namba Bakwai: To ni dai har yanzu ban gamsu ba. 'Yan Kenya da suke cinye duniya lallaɓawa suke yi? Na ga bidiyonsu, gudu suke kamar za su mutu. Kuma Nazifi, in akwai filin ƙwallo kusa da ku ka bar titin nan da 'yan adaidaita. Ka tashi daga kwana ka ratsa fili zuwa kwanar da ke kallonta ta can, ka yi sassarfa ta bayan raga, ka sake ratsawa. Mu haka muke yi.

Koci Bala: Shawarar fili mai kyau ce, na karɓa. Cikakken fili mai mita 105 da 68, ratsa shi kwana zuwa kwana mita 125 ne, bayan raga kuma 68 na hutu. Filayen unguwa ba su cika kai haka ba, amma ba komai, ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga ƙwauri. Aibinsa ɗaya, gajere ne, daƙiƙa talatin ka gama, kuma gajeren abu yana jan mutum ya yi tsere. Ga Nazifi zan fi so ya zagaye rabin filin ko duka da sauri.

Zancen Kenya kuwa, a garin Iten ranar Alhamis suke fita fartlek a rukuni babba kan jar hanya, minti ɗaya da sauri minti ɗaya a hankali, wani lokaci biyu da ɗaya ko uku da ɗaya. Ka lura, ba kowa ke kallon agogo ba, na gaba ne ke ba da alama, sauran suna bi. Abin da kake gani a bidiyo kamar tsere, su a wajensu gudu ne da suke iya maimaitawa sau ashirin ko fiye. Wanda ya shiga da zafin kai yana so ya nuna kansa a na farko, shi ake bari a gefen hanya tun ba a yi nisa ba.

Sadiku Namba Bakwai: Hmm. Sau ashirin. To na ji, amma a kulob ba zan faɗa wa koci haka ba.

Nazifi: Salam. Na dawo da rahoto, na yi sau uku cikin kwana goma sha biyu. Na farko na ji kamar wasa nake, har na ce anya, sai a na biyar na gane. Ban tsaya ba ko sau ɗaya, tsakuwa ta ƙare a hannuna ina kan ƙafata. Yau kuma na ce bari in haɗa da ƙirgen ƙafar dama da Koci ya gaya wa Mamman. Ga abin da na samu a tsakani biyar-biyar: 88, 87, 89, sannan na juyo, 95, 96, 99. Ashe na mutu ke nan a ukun ƙarshe? Domin ban ji na mutu ba.

Koci Bala: Ka yi abin da na so in ce ka yi a gaba. In nisa ɗaya ne, ƙirgen ƙafa yana nuna tsawon takunka. Gajiya tana fara bayyana ne a nan, taku ya gajarce, lamba ta hau. Bambancin biyu ko uku ba komai ba ne. Amma tsalle daga 89 zuwa 95 daidai lokacin da ka juyo, wannan ba gajiya ba ce kaɗai. Ina ka fuskanta da ka juyo?

Nazifi: Wajen gabas, ɗan arewa-arewa. Kuma akwai iska yau, hazo ya sauko.

Anti Rabi: Ai ka ga ta. Iskar hunturu daga can take busowa. Da za ka tafi tana tura ka ta baya ba ka sani ba, da ka juyo ta tare ka a ƙirji. Mu ma akwai gefen da muke tsana a zagayenmu saboda haka.

Koci Bala: Haka ne. Ƙari a kan haka, ba falwayoyi ɗaya ka bi ba a kowane karo, kai da kanka ka auna wata 74 wata 58. Kuma titin da ido yake gani a miƙe sau da yawa yana da ɗan hawa ta gefe ɗaya. Saboda haka ka kwatanta 95, 96, 99 da junansu kawai. A nan na ga na ƙarshen ya ɗan zube, wato shida ta ishe ka a yanzu. In kana son lambar ta yi magana sosai, ka zaɓi tsakani biyar guda ɗaya, ka yi su da sauri, ka juyo da sassarfa zuwa inda ka fara, ka sake bin su ta fuska ɗaya. Nan ne in ka ga 88 ta koma 94 za ka san ƙafa ta gama, ka tafi gida.

Gargaɗi ɗaya: kada ka fara miƙa ƙafa gaba kana dogon tsalle don lambar ta ragu. Za ka samu 82 kana murna, alhali gudun bai ƙaru ba, diddige ne kawai yake dukan ƙasa can gabanka, ƙwauri da gwiwa su biya. Lambar ba ta san sauri ba, tsawon taku kawai ta sani.

Baba Iro: Bala, a nan fa muka rabu. Ka ɗauki yaro ka ba shi tsakuwa, ka ba shi ƙirge, yanzu kuma ka ɗaure shi a wuri ɗaya yana kai da kawowa. Wannan ai filin tsere ka gina masa a bakin titi, ina wasan yake? Mu da muke yi a da, in mai keke ya wuce sai mu bi shi har kwana, in muka ga tudu mu hau shi da ƙarfi, in gangara ce mu saki ƙafa. Ba wanda ya san ko sau nawa ya yi. Jiki magayi, amma wanda kansa ya cika da lissafi ba zai ji abin da jikin yake faɗa ba.

Koci Bala: Baba, ban musa ba, kuma na san kun fi mu sanin hanya. Sai dai ku lokacin da kuke bin mai keke kun yi shekaru kuna gudu, kun san bambancin gudun minti ɗaya da na minti biyar a ƙafarku. Shi da aka ce ya bi yadda yake ji, kun ga inda ya ƙare, a gaban mai shayi. Ƙirgen na ɗan lokaci ne, ya koyi yadda daidai take a jikinsa, sannan ya zubar da tsakuwar.

Baba Iro: Na ga waɗanda aka ba ƙirge na ɗan lokaci, yau shekara goma ba su iya fita ba tare da shi ba. Ni dai shawarata, ko da zai yi naka ranar Talata, ya bar Asabar ba lissafi. Ya bar titin ma gaba ɗaya, ya shiga burji.

Koci Bala: Wannan ban ƙi ba, in dai ba kwana biyu a jere ba, kuma sauran ranakun sassarfa ce ta gaske wadda ake hira a cikinta. Biyu a mako ita ce iyaka. Mai yin sauri kullum ƙwaurinsa ne zai fara ba shi labari.

Nazifi: To Koci daga nan ina zan dosa? Saura mako bakwai a yadda ake faɗa. In ƙara sauri ne?

Koci Bala: A'a, saurin ya tsaya inda yake. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Mako mai zuwa ka kai tsakuwa takwas. In takwas ta zauna, na ƙarshe ya yi kama da na farko, sai ka tsawaita: tsakani goma da sauri, biyar da sassarfa, sau huɗu, daga baya sau biyar. Dole ka ɗan rage zafi kaɗan a kan na biyar-biyar, kada ka ji kunya. Dalilin tsawaitawar shi ne, zuciya da huhu suna ɗaukar kusan minti biyu kafin su hau can sama, a gudun minti ɗaya suna isa ke nan kai kuma ka sassauta. Mai shirin kilomita uku yana buƙatar ya zauna a can ɗin na ɗan lokaci ya saba da wurin. In ka kai mako na biyar ka gwada tsakani goma sha biyar sau uku. Makon ƙarshe kuma ka rage komai da rabi, ka je da ƙafa mai sauƙi.

Anti Rabi: Kuma ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango falwaya ta biyar, ka haƙura da na sauri. A sassarfa hanci yana tace wani abu, amma in haki ya zo da baki kake zuƙar ƙurar nan kai tsaye. Ɗaya daga cikinmu mai asma ce, mun ga abin da yake yi mata. Haka in ka ji jiri ko ƙirji ya matse ba irin na haki ba, ka tsaya, ba jarumta a nan.

Sadiku Namba Bakwai: Anti ni da takunkumi nake yi in an yi hazo.

Anti Rabi: Ka yi tsakani goma da shi ka zo ka ba mu labari.

Nazifi: Akwai matsala ɗaya. Titin namu falwaya goma sha uku ne kawai kafin shataletale, daga nan wayar ta karkata cikin unguwa. Goma sha biyar ɗin ba za ta samu ba sai na tsallaka ina cikin sauri, kuma wajen akwai manyan motoci tun da sassafe.

Koci Bala: Kada ka tsallaka kana haki, ido ba ya aiki sosai a lokacin. Ka yi takwas ka zagaye falwayar ka dawo bakwai. Juyawar za ta ci maka taku biyu ko uku, ba komai, kuma ka samu rabi da iska rabi gaba da ita.

Baba Iro: Ko kuma ka shiga burjin da na ce, can ba shataletale.

Nazifi: Burjin akwai karnukan masu gadin gona Baba. Zan fara duba shi da rana tukuna.